Ma'aunin Sharpe da na Sortino: Kwatanta Dabarun Jari Biyu Idan Ɗaya Tana Tafka Asara Jefi-jefi

Ma'aunin Sharpe da ma'aunin Sortino lissafi ne guda biyu da masu zuba jari ke amfani da su don gane ko ribar da wata dabara ta kawo ta kai kasadar da aka yi kafin a same ta. Na farkon ya samo sunansa daga William Sharpe, masanin tattalin arziki ɗan Amurka da ya gabatar da shi a shekarar 1966, wanda kuma ya samu lambar yabo ta Nobel a 1990. Na biyun yana ɗauke da sunan Frank Sortino, wanda ya yaɗa tunanin cewa haɗarin da ya cancanci a auna shi ne na faɗuwa kawai. Gininsu ɗaya ne: a ɗauki riba, a raba ta da wata lamba mai nuna haɗari. Inda suka rabu shi ne abin da kowannensu ke kira haɗari, kuma wannan rabuwar ba ta fitowa fili sosai sai an kawo dabarar da ke cin ƙaramar riba kusan kullum, sannan wata rana ta zubar da babban kaso na jarin a lokaci guda.

Ma'aunin Sharpe yana farawa ne da cire ribar da mutum zai samu ko bai yi kasadar komai ba, wato abin da gajerun takardun lamunin gwamnati ke bayarwa. Abin da ya saura shi ne rarar riba. Sai a raba matsakaicin wannan rarar da girman hawa da saukar ribar, wato yadda sakamakon kowane wata yake nisanta daga matsakaici. Ana fitar da wannan lambar ta hanyar duba tazarar kowane wata daga matsakaici, a ninka tazarar da kanta, a haɗa duka, a raba da adadin watanni, sannan a nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan sakamako. A wannan lissafin, watan da riba ta yi tsalle sama da watan da ta rufta ƙasa hukuncinsu ɗaya, muddin tazararsu daga matsakaici ɗaya ce.

Ma'aunin Sortino ya ƙi wannan daidaitawa. Mai jari yana fara tsayar da iyaka, wato mafi ƙarancin ribar da zai lamunta. Duk watan da ya kai iyakar ko ya wuce ta, ana rubuta masa sifiri. Watannin da suka gaza ne kawai ake auna giɓinsu, a ninka shi da kansa, a haɗa, a raba da adadin dukkan watanni, a fitar da tushen lambar kamar yadda aka yi a baya. Tunanin ba sabo ba ne. Harry Markowitz, wanda suka karɓi lambar Nobel tare da Sharpe, ya tattauna auna ɓangaren faɗuwa kaɗai a littafinsa na 1959, amma lissafin ya fi wuya a zamanin da kwamfuta ba ta wadata ba.

Misalin da za a bi a nan ƙirƙirarre ne, an tsara shi don lissafi ya zo da sauƙi. Akwai dabaru biyu, kowacce da tarihin wata 20. Lambobin duka rarar riba ce, an riga an cire ribar takardun gwamnati, kuma iyakar Sortino sifiri ce. Dabarar A tana cin kashi 5 cikin 100 a wata 10, tana asarar kashi 3 a sauran wata 10. Dabarar B tana cin kashi 2 a wata 19, sannan a wata guda ta yi asarar kashi 18.

Matsakaicin ribarsu ɗaya ne. A ta tara 50 ta zubar da 30, saura 20, wanda idan aka raba a wata 20 ya zama kashi 1 a wata. B ta tara 38 ta zubar da 18, saura 20, shi ma kashi 1 a wata. Wanda ya kalli matsakaici kaɗai ba zai ga bambanci ba.

A lissafin Sharpe, kowane wata na dabarar A yana da tazarar 4 daga matsakaici, ko sama ko ƙasa, don haka hawa da saukarta 4 ne, ma'auninta kuma 1 ÷ 4 = 0.25. A dabarar B, wata 19 suna da tazarar 1 kacal, wata ɗaya kuma yana da tazarar 19. Idan aka ninka 19 da kanta an samu 361, a haɗa da 19 na sauran watannin, ya zama 380. A raba da 20 ya ba da 19, kuma √19 ya kai kimanin 4.36. Ma'aunin B ke nan 1 ÷ 4.36 = 0.23. Tsakanin 0.25 da 0.23 babu abin a zo a gani. A idon Sharpe, dabarun nan biyu kusan tagwaye ne.

A lissafin Sortino labarin ya sauya. Dabarar A tana da wata 10 na asarar 3. Kowanne ya ba da 9, jimilla 90, a raba da 20 ya zama 4.5, kuma √4.5 kimanin 2.12 ne. Ma'auninta 1 ÷ 2.12 = 0.47. Dabarar B tana da wata ɗaya na asarar 18, wanda ya ba da 324. A raba da 20 ya zama 16.2, kuma √16.2 kimanin 4.02 ne. Ma'auninta 1 ÷ 4.02 = 0.25. Yanzu A ta kusa ninka B.

Dalilin a bayyane yake. Rabin hawa da saukar A na watannin da ta yi kyau ne, kuma Sharpe ya caje ta a kansu kamar laifi ne. Da Sortino ya yafe mata su, lambar haɗarinta ta sauko daga 4 zuwa 2.12. Ita B babu abin da za a yafe mata: cikin 380 ɗin nan, 361 daga wata ɗaya suka fito, watan asara, wato kashi 95 cikin 100. Shi ya sa lambarta ta ɗan motsa kawai, daga 4.36 zuwa 4.02. Wannan yana ba da wata alama mai amfani ga wanda aka miƙa wa ma'aunan biyu tare. A dabarar da ribarta da asararta suka yi kunnen doki wajen girma, Sortino kan fi Sharpe da kusan kashi 40 cikin 100 ko fiye. Idan aka ga lambobin biyu sun kusa zama ɗaya, kamar 0.23 da 0.25 na B, to kusan duk motsin dabarar ta ɓangaren faɗuwa yake.

Akwai kuskuren lissafi da ya zama ruwan dare a nan, kuma a irin wannan kwatancen ne ya fi yin ɓarna. Wasu suna raba jimillar giɓin da adadin watannin asara kaɗai maimakon dukkan watanni. Da haka A za ta samu lambar haɗari 3, B ta samu 18, ma'aunansu su zama 0.33 da 0.06. Hukuncin ya yi wa B tsanani fiye da kima, domin ya manta cewa asarar sau ɗaya ta zo cikin 20. Wasu kuma suna ware watannin asara su auna yadda suka bambanta da junansu, ba yadda suka gaza iyaka ba. A misalin nan duk asarorin A kashi 3 ne, babu bambanci a tsakaninsu, sai lissafin ya ce haɗarinta sifiri ne, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Saboda haka ba a kwatanta Sortino na kamfanoni biyu sai an tabbatar hanyar lissafinsu ɗaya ce, iyakarsu ɗaya ce, kuma tsawon lokacin da aka auna ɗaya ne. Haka nan lambar wata ba ta kwatantuwa da ta shekara. Bisa al'ada ana ninka ta wata da √12, kimanin 3.46, wanda zai mai da Sharpe na A ya zama 0.87, na B kuma 0.79. Wannan ninkin ya ginu a kan zaton cewa sakamakon wannan wata bai shafi na wata mai zuwa ba, zaton da ba ya tsayawa a lokacin rikicin kasuwa.

Zuwa nan za a iya cewa Sortino ya yi nasara, kuma da yawan bayanai a nan suke tsayawa. Amma misalin ya yi wa Sortino gata: an sa babbar asarar a cikin tarihin da aka auna, kuma sau ɗaya daidai cikin 20, wato gwargwadon yadda take zuwa a haƙiƙa. A kasuwa ba haka abin yake zuwa ba.

Idan damar faruwar asarar B ɗaya ce cikin 20 a kowane wata, damar a shekara guda ba a gan ta ba ta kai kashi 54 cikin 100. Damar a yi shekara biyu ba ta zo ba kashi 29 ce, shekara uku kuma kusan kashi 16. Ke nan cikin manajoji shida da ke bin wannan dabarar, kusan ɗaya zai iya nuna tarihin shekara uku babu tabo, ba don ya fi sauran ƙwarewa ba. A irin wannan tarihin, idan ribarsa tana ɗan yawo tsakanin kashi 1 da kashi 3, Sharpe na wata zai kai kimanin 2, ninki takwas na dabarar A. Sortino kuwa ba zai ma lissafu ba, domin babu wata ko ɗaya a ƙasa da iyaka, kuma ba a raba lamba da sifiri. Idan akwai 'yar ƙaramar asara guda a ciki, zai fito da lamba mai girman gaske. Ma'aunin da aka ƙera don ya kama faɗuwa shi ne ya fi ruɗuwa idan faɗuwar ba ta iso ba tukuna, saboda dukkan shaidarsa a kan watannin asara take, kuma su ne mafi ƙaranci.

Ko da asarar ta bayyana, lambar ba ta zauna da gindinta ba. A ɗauki tarihin wata 40 na dabarar B. Abin da ake tsammani shi ne asara biyu, kuma da su Sortino zai ba da 0.25 kamar da. Idan aka yi sa'a guda ɗaya ce ta zo, matsakaicin riba ya zama 1.5, lambar haɗari 2.85, Sortino ya haura zuwa 0.53, ya wuce 0.47 na A. Idan uku suka zo, matsakaici ya sauko 0.5, lambar haɗari ta kai 4.93, Sortino ya faɗo 0.10. Dabarar ba ta canja ba ko kaɗan, amma ma'auninta ya yi yawo daga 0.10 zuwa 0.53 saboda bambancin wata ɗaya ko biyu. Damar a ga asara ɗaya ko babu ko ɗaya cikin wata 40 kusan kashi 40 cikin 100 ce. Wato sau huɗu cikin goma, mai kwatance da Sortino zai ga B a gaba ko da ya duba tarihin fiye da shekara uku. Lambar A ta fi tabbas, domin tana da watannin asara kusan 20 da za su ba da shaida.

Halin B ya yi kama da na gonar bakin kogi: ƙasar tana da albarka, amfanin gona yana kyau shekara da shekaru, sai shekarar da kogin ya yi ambaliya. Wanda ya ƙidaya buhunan shekarun da ruwa bai hau ba ya auna gaskiya, amma bai auna gonar ba.

Dabarun da ke da wannan siffa sanannu ne, kuma tushensu ɗaya: ana biyan mutum ɗan kuɗi a kai a kai don ya ɗauki haɗarin da wani ke gudu. Mai sayar da kwangilar kariya daga faɗuwar farashin hannun jari yana karɓar lada kowane wata kamar kamfanin inshora, har ranar da kasuwa ta rufta. Takardar jari mai suna XIV, wadda bankin Credit Suisse ya fitar, tana cin riba ne muddin kasuwar hannun jarin Amurka tana kwance. Ta yi ta hawa a 2017, sannan a ranar 5 ga Fabrairu 2018 ta rasa fiye da kashi 90 cikin 100 na darajarta, aka rufe ta. Haka abin yake ga kuɗin ƙasar da babban banki ya ɗaure farashinsa. Babban bankin Suwizalan ya riƙe iyakar faran 1.20 a kan yuro ɗaya tun Satumba 2011, kuma fiye da shekara uku farashin bai cika nisa da wurin ba, har ya saki iyakar ba zato a ranar 15 ga Janairu 2015. A Najeriya ma an ga irinsa. Mai jarin da ke lissafi da dala, ya sayi takardun lamunin gwamnati na naira lokacin da farashin hukuma yake kusan 197, ya ga riba mai santsi wata bayan wata. A Yuni 2016 da aka saki farashin ya koma kusan 280, wato asarar kimanin kashi 30 cikin 100 a lissafin dala cikin 'yan kwanaki. An sake ganin babbar faɗuwa irin wannan a Yuni 2023. A kowane ɗayan waɗannan, ma'aunan biyu sun fi kyau ne gab da faɗuwar, domin a lokacin ne tarihin ya fi tsawo ba tare da tabo ba.

Abu na biyu da ma'aunan ba sa gani shi ne tasirin bashi. Idan manaja ya ranto kuɗi ya ninka girman cinikinsa sau biyar, rarar riba ta ninku sau biyar, lambar haɗari ma ta ninku sau biyar, sakamakon rabawar bai motsa ba. Sharpe na nan a 0.25 da 0.23, Sortino na nan a 0.47 da 0.25. Amma a aljihu abin ya bambanta ƙwarai. Ba tare da bashi ba, naira miliyan ɗaya a dabarar A za ta zama kimanin miliyan 1.20 bayan wata 20, a dabarar B kuma kimanin miliyan 1.19. Da ninki biyar da ake daidaitawa kowane wata, A tana cin kashi 25 tana asarar kashi 15, kuma miliyan ɗaya za ta zama kimanin miliyan 1.83. B tana cin kashi 10 a wata 19, sannan ta yi asarar kashi 90 a wata guda, miliyan ɗaya ta koma kimanin dubu 612. Da ninki shida, watan asarar zai cinye jarin gaba ɗaya har ya bar bashi. Abin takaicin shi ne dabara irin ta B ce ta fi jawo a ci bashi a kanta, tun da santsin ribarta yana sa mai ita da masu ba shi rance su saki jiki. Asusun Long-Term Capital Management na Amurka, wanda ya ci riba mai yawa a 1995 da 1996 da bashi mai ninki da yawa, ya rasa kimanin dala biliyan 4.6 a 1998 bayan Rasha ta kasa biyan bashinta, sai da manyan bankuna suka haɗa kuɗi suka karɓe shi.

Adalci ya sa a faɗi cewa A ma ba tsarkakakkiya ba ce. Duka ma'aunan ba su damu da jerin da watanni suka zo ba. Idan watannin asarar A goma suka zo a jere, jarin zai ragu da kimanin kashi 26 cikin 100, fiye da faɗuwar B ta kashi 18, kuma babu lambar da za ta canja a Sharpe ko Sortino. Bambancin shi ne asarar A tana zuwa a hankali, mai jari yana da damar rage hannu ko ficewa a tsakiya. Ta B tana zuwa a dunƙule, sau da yawa cikin dare ɗaya, lokacin da masu saye suka ɓace daga kasuwa. Shi ya sa ake haɗa ma'aunan da wata lamba ta uku, wato faɗuwa mafi zurfi daga ƙololuwar darajar jari zuwa ƙasanta, duk da cewa ita ma abin da ya riga ya faru kawai take nunawa.

Hanyar da ta fi dacewa da kwatancen irin wannan ita ce a fara da tambayar daga ina ribar take fitowa. Idan amsar ita ce sayar da kariya, ko dogaro da ɗaurarren farashin kuɗi, ko ba da rance ga wanda bai cika kasa biya ba amma idan ya kasa sai duka, to tarihin da babu asara a cikinsa bai cika ba, kuma dole a cika shi da hannu. Ana ɗaukar tarihin, a saka masa watan asara na zato, a sake lissafi, a ga girman asarar da zai mai da dabarun biyu kunnen doki. Ga manajan da ke nuna kashi 2 kowane wata babu tangarɗa, idan aka ɗauka asara tana zuwa sau ɗaya cikin wata 20, Sortino nasa zai sauko daidai da 0.47 na A da zarar asarar ta kai kimanin kashi 12 cikin 100. Idan ta kai kashi 38, matsakaicin rarar ribarsa ya zama sifiri. Daga nan tambayar ta zama wadda za a iya bincika: a irin kasuwar da yake ciniki, da irin bashin da yake ɗauka, faɗuwar kashi 12 a wata guda abu ne mai wuya ko mai sauƙi? Ga wanda ya riƙe takardun naira yana lissafi da dala a 2016, faɗuwar ta ninka wannan iyakar fiye da sau biyu, ga mai XIV kuma fiye da sau bakwai.